Darasi na Tara: Wane Asibiti, Wace Ƙofa?

Idan likitan ƙauyenku ya ce, "Ku kai shi Kano," kada ku tashi tukuna. Kano gari ne mai asibitoci da yawa. Asibitin Murtala yana wajen Ƙofar Mata. Asibitin Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya. Asibitin Ƙashi na Dala yana wajen Ƙofar Ruwa. Tsakaninsu akwai tafiya, ga cunkoso, ga majiyyaci yana nishi a bayan mota.

Abu na farko, ku ce, "Likita, wane asibiti ne? Don Allah a rubuta mini sunansa." Idan ya ba ku takardar, ku karanta a gabansa da ƙarfi. Ko da harafi-harafi ne, ba komai, haka kowa ya fara. Idan rubutun ya gagare ku, ku roƙe shi ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe a bayan takardar. Sannan ku maimaita sunan, ya ce "haka ne."

A nan ne kuke yawan tuntuɓe, shi ya sa zan sake faɗa. Ku maimaita sunan. Gyaɗa kai bai isa ba. Wani ɗalibina ya kai ƙanensa da ya karye a cinya, tun daga bayan Wudil. Ya ninke takardar ya cusa a hula bai duba ba, ya ce wa mai adaidaita, "babban asibiti." Sai da suka sauke yaron, suka yi layi, sannan wata nas ta buɗe takardar ta ce ai Dala aka rubuta. Suka sake kinkimarsa, suka sake biyan kuɗin mota. Haba jama'a! Kunyar me ake ji a gaban likita? Wata shida muna aji ɗaya, amma har yau wasunku sai su karɓi takarda su ce "to" kawai. Ku karanta, ku maimaita, ku jira ya ce "haka ne." Shi ma direba ku faɗa masa cikakken suna da unguwa, ku sa shi ya maimaita kafin ya tada mota.

Sai ƙofa. Babban asibiti yana da ɓangarori. Kafin ku sauke majiyyaci, mutum ɗaya ya sauka ya nuna wa maigadi takardar. Mai zubar jini ko wanda ya suma, imajensi za a kai shi. Ku nemi allo mai haruffa biyu, A da E. Mai naƙuda, ku tambayi ɗakin haihuwa. Wanda ke iya tafiya da ƙafarsa, wajen yankan kati. Idan da dare za ku isa, ku kira wani ɗan'uwa da ke birni tun kuna gida, ya gaya muku ƙofar da ake bari a buɗe.

Aikin gida: ku rubuta sunayen asibitocin nan uku a littafinku.