Darasi na Tara: Karanta Takardar Sallama Daga Aiki da Lissafin Haƙƙin Ma'aikaci

Wata Asabar da yamma, bayan an tashi daga aji, ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya tsaya bai fita ba. Za mu kira shi Malam Sani a wannan darasi. Ya zaro wata takarda da ya ninke gida huɗu daga aljihun gaban rigarsa, ya miƙo min da hannu biyu, ya ce: "Malam, sun kore ni. Don Allah a duba min, ko ina da wani abu a wajensu." Shekara uku da wata huɗu ya yi yana aikin injin a wata masana'anta a Sharaɗa. Takardar da Turanci aka rubuta ta, kamar yadda aka saba, kuma a ƙasanta an bar masa layin da zai sa hannu. Kowa a cikinku yana iya samun kansa a irin matsayina, domin a unguwa da zarar an san mutum ya iya karatu, shi ake kawo wa irin wannan takarda.

Abu na farko da na gaya masa shi ne ba korarsa aka yi ba, sallamarsa aka yi. A maganar yau da kullum mukan haɗa kalmomin biyu, amma a dokar aiki kowace da hukuncinta. Kora ita ce raba mutum da aiki nan take saboda babban laifi, kamar sata ko faɗa a wurin aiki, kuma yawanci wanda aka kora yakan rasa kuɗin notis da kuɗin sallama, ko da yake albashin kwanakin da ya riga ya yi aiki haƙƙinsa ne. Sallama kuwa kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki ce ba tare da an ɗora wa mutum laifi ba. Idan kana son gane wadda ke hannunka, ka duba ko an ambaci wani laifi ko zaman ladabtarwa, sannan ka duba ko an yi maganar notis ko kuɗinsa. A takardar Malam Sani ba a ambaci laifi ba. Cewa aka yi aiki ya ja baya, kamfani na rage ma'aikata, kuma za a biya shi kuɗin mako biyu a madadin notis.

Notis shi ne wa'adin da ake ba mutum kafin aikinsa ya ƙare. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ƙayyade mafi ƙarancinsa gwargwadon daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya ne. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu ne, wanda kuwa ya kai shekara biyar ko fiye, wata ɗaya ne. Duk notis da ya kai mako ɗaya dole ne a ba da shi a rubuce, don haka maganar baki daga shugaban sashe cewa "kada ka zo daga mako mai zuwa" ba ta wadatar ba. Wannan doka ta fi shafar ma'aikatan hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi da akantoci, abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ake bi.

Ana yawan kuskure wajen ƙirga kwanakin. Ranar da aka ba da notis ba ta cikin lissafi, washegari ake fara ƙirga. A saman takardar Malam Sani an rubuta 7 ga Maris, amma sai ranar 10 ga Maris aka damƙa masa ita a bakin ƙofa. Da an ce ya ci gaba da aiki har mako biyun ya cika, da za a fara ƙirga daga 11 ga wata, a kammala ranar 24. Wannan ne ya sa duk wanda aka miƙa wa irin wannan takarda ya kamata ya rubuta ranar da ta shiga hannunsa kusa da sa hannunsa, domin kwana uku da ke tsakanin rubutu da miƙawa kuɗi ne.

Kamfanin bai bar shi ya yi mako biyun ba, ya zaɓi ya biya shi ya tafi a ranar, kuma doka ta yarda da hakan. Sai dai kuɗin da ake biya a madadin notis ba a kan dukan abin da mutum ke karɓa ake lissafa shi ba. Doka ta ce a ɗauki gundarin albashi kawai, a bar kuɗin ƙarin lokaci da alawus. Malam Sani yana karɓar naira 96,000 a wata, amma da muka duba takardar biyan albashinsa sai muka ga gundarin naira 72,000 ne, sauran 24,000 alawus ne na gida da na mota. Da ya ji haka ransa bai yi daɗi ba, na ce masa a nan kam kamfani bai zalunce shi ba.

Na tambaye shi ko yana da takardar da aka ba shi lokacin ɗaukarsa aiki. Ya ce tana nan a ƙasan akwatin uwargida tare da katin rigakafin yara. Washegari ya zo da ita, ta yi ja saboda daɗewa, kuma a cikinta aka sami abin da ya sauya lissafin. An rubuta cewa kowane ɓangare da ke son kawo ƙarshen aiki zai ba da notis na wata ɗaya, ko ya biya gundarin albashin wata ɗaya. Mako biyun da doka ta faɗa shi ne ƙasan ƙarshe da ba a sauka daga gare shi, amma idan yarjejeniya ta ba ma'aikaci fiye da haka, yarjejeniyar ake bi. A ganina, duk wanda ya yi wa mutum bayanin takardar sallama bai nemi ganin takardar ɗaukar aiki ba, rabin aiki ya yi.

Saura kuɗin sallama, wanda a nan ne mutane suka fi cin buri. Da yawa suna zaton duk wanda aka sallama dole a ba shi wani dunƙulallen kuɗi bisa shekarun da ya yi. Dokar Ƙwadago ba ta sa wani adadi ba. Abin da sashe na 20 ya ce game da rage ma'aikata shi ne mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa, ya fara da waɗanda suka zo daga baya tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa a kan abin da za a biya. Saboda haka adadin kuɗin sallama, ko giratuti a inda ake ba da shi, a takardar ɗaukar aiki ake nemansa, ko a littafin ƙa'idojin kamfani, ko a yarjejeniyar da ƙungiya ta sa wa hannu. Idan babu shi a ko ɗaya, kada ka sa wa mutum rai da abin da ba a rubuta ba. A wajen su Malam Sani, ƙungiya ta daidaita da kamfani a kan rabin gundarin albashin wata a kowace cikakkiyar shekara. Rabin 72,000 shi ne 36,000, sau uku ya zama 108,000. Wata huɗun da ya ɗora a kai ba su shiga ba, tunda cikakkiyar shekara aka rubuta.

Muka ɗauki alli muka yi lissafin a kan allo, kafin a cire haraji da fansho. Kamfanin yana raba albashi gida talatin don samun kuɗin kwana ɗaya, ko da yake wasu wuraren da kwanakin aiki suke rabawa, don haka a tambaya. Kwana goman da ya yi aiki a Maris ana biyansu da cikakken albashi, wato 3,200 sau goma, naira 32,000. Kuɗin notis na wata ɗaya 72,000 ne. Yana bin hutun shekara na kwana shida da bai ci ba, wanda a ƙa'idar kamfanin ake biya da gundarin albashi, wato 2,400 sau shida, naira 14,400. Idan aka haɗa waɗannan da kuɗin sallama 108,000, an sami 226,400. Ya amsa da bakinsa cewa akwai ragowar bashin naira 20,000 da ya ci lokacin Babbar Sallah, aka cire, ya rage 206,400.

A takardar kamfanin, 153,600 aka rubuta. Bambancin naira 52,800 ne, kuma mun gano inda ya maƙale. Sun biya notis na kwana goma sha huɗu, wato 33,600, a maimakon 72,000, nan an rage masa 38,400. Hutun kwana shida kuma ba su sa shi ba sam.

Yanzu sai batun sa hannu. Layin da ke ƙasan takarda iri biyu ne, kuma wajibi ne a karanta jimlar da ke samansa kalma bayan kalma. Wani yana nuna cewa mutum ya karɓi takardar ne kawai, wannan babu laifi a sa masa hannu, ƙin karɓar takarda ma ba ya hana sallama. Wani kuwa yana cewa mutum ya amince wannan kuɗi shi ne cikakken haƙƙinsa na ƙarshe, ba ya bin kamfani komai. Na Malam Sani irin na biyun ne, kuma da ya sa hannu a ranar, da neman cikon zai yi masa wuya ƙwarai. Allah ya taimake shi, ya ce musu sai ya je an karanta masa. Muka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ofishin kula da ma'aikata, muka jera lissafin, muka haɗa da kwafin takardar ɗaukarsa aiki, ya riƙe ta asali a gida. Na ce ya tafi tare da wakilin ƙungiyarsu, kuma ya sa a buga masa hatimin karɓa a kan nasa kwafin. Idan kamfani ya ƙi gyarawa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kano da ke shiga tsakani, bayan nan kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ita ce ke sauraron shari'ar aiki.

Kafin ya tafi ya ce: "Malam, kuɗin fanshona fa, shi ma ya tafi ke nan?" Na ce a'a, wannan yana asusunsa a kamfanin fansho, mai masana'anta ba shi da iko a kansa. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara hamsin damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Takardar sallamar tana cikin abin da za a nema a wajensa, don haka na ce ya daina ninke ta a aljihu, ya sa ta a leda ya adana.

Aikin gida: wata ma'aikaciya a Bompai ta yi shekara shida a aiki, gundarin albashinta naira 81,000 ne, kuma takardar ɗaukarta aiki ba ta ce komai a kan notis ba. An rubuta takardar sallamarta ranar 2 ga Yuni, an ba ta ranar 5 ga Yuni. Ku rubuta tsawon notis da doka ta ba ta, da ranar da za a fara ƙirga shi, da kuɗin da za a biya ta a madadinsa idan an ce ta tafi a ranar. Ku zo da amsoshinku a darasi na gaba.