Yadda na sa shago ya amsa bayan ya share saƙona sau uku

Na biya kuɗin fanka ta tsaye, aka ce za a kawo a cikin mako guda. Mako ya wuce, na tura saƙo uku, duk an karanta, babu amsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin gumina ne.

Da na sake duba saƙonnin, duk ukun tambaya ce: "Don Allah ina labarin kayana?" Babu lambar oda, babu wa'adi, babu abin da zai biyo baya. Duk wanda ya buɗe zai iya cewa sai anjima. Zagi kuma ba zai fisshe ni ba, zai ma ba su hujjar barin maganar fanka su koma kan lafazina, kuma in magana ta kai gaban banki, rubutuna ne za a karanta.

Sai na rubuta haka: "Barka da yini. Na biya kuɗin fanka, ga lambar oda da hoton rasit. Wannan ne saƙona na huɗu, ukun farko ba a amsa ba. Ina buƙatar ɗayan biyu kafin ƙarfe 5 na yammacin Alhamis: ranar kawo kaya, ko a mayar mini da kuɗina. Idan lokacin ya wuce, zan shigar da ƙorafi a bankina. Na gode."

Na bar gaisuwa da godiya, na cire "don Allah ku taimaka", saboda haƙƙina nake nema. Matakin banki kuwa na ambace shi ne domin na riga na shirya ɗaukarsa. Barazanar da ba za ka cika ba, da wa'adi ya wuce sun gane.

Ranar Laraba manajan ya kira, ya ba da haƙuri, washegari aka kawo fankar.