Darasi na Bakwai: Izafa a Farisanci da Yadda Ake Mayar da Ita Turanci

Idan Bahaushe ya ce "gidan Audu" ko "rigar Binta", akwai ɗan harafi da yake maƙalawa a ƙarshen kalmar farko: n a gida, r a riga. Shi ne ke ɗaure kalmomin biyu su zama magana ɗaya. Farisanci, harshen mutanen Iran, yana da irin wannan maɗauri, sunansa izafa. Waɗanda suka yi nahawun Larabci a makarantar zaure sun san sunan, don daga Larabci aka aro shi, amma aikin da take yi a Farisanci ya fi faɗi.

Izafa sautin "e" ne gajere da ake ƙarawa a ƙarshen kalma, ba a danna murya a kansa. Ketab littafi ne. Littafin Ali kuma ketab-e Ali. Idan kalmar da wasali ta ƙare, sai a ce "ye" don baki ya samu sauƙi: khane gida ne, gidan Ali kuma khane-ye Ali. Ba ruwanta da namiji ko mace, ba ruwanta da ɗaya ko jam'i, don haka ba ku da wahalar zaɓa tsakanin n da r. A Afganistan da Tajikistan an fi jin ta kamar "i". Shi ya sa ake rubuta sunan birnin nan na arewacin Afganistan Mazar-i-Sharif, wato kabari mai daraja.

Abin da zai fara ba ku wuya shi ne, yawanci ba a rubuta ta. Da haruffan Larabci ake rubuta Farisanci, izafa kuwa kisira ce a ƙarƙashin harafin ƙarshe. Littattafan yara suna saka ta, jaridu da wasiƙu ba su cika sakawa ba. Mai karatu ne ke sanya ta da bakinsa, yadda mai karatun Larabci marar wasali yake yi. Dubi wannan jimla:

پدر مریم را دید

Idan kun karanta pedar Maryam ra did, ba izafa, ma'anar ita ce baba ya ga Maryam, a Turance *Father saw Maryam*. Idan kuka ce pedar-e Maryam ra did, ma'anar ta koma ya ga baban Maryam, *He saw Maryam's father*. Haruffan ba su canza ba ko kaɗan. A ta farko baba ne ya gani, a ta biyu shi aka gani. Abin da zai raba muku gardama shi ne maganar da ta gabata: idan an riga an ambaci wani da ya shiga kasuwa yana dube-dube, to karatu na biyu ne. Mai fassara da bai karanta maganar da ta gabata ba, caca yake yi.

Akwai inda rubutu ke taimakawa. Bayan dogon wasalin "a" ko "u" ana rubuta harafin ya a fili, kamar a پای علی, pa-ye Ali, ƙafar Ali. A kalmomi irin su khane kuma wasu na ɗora 'yar alama mai kama da hamza a kan harafin ƙarshe, wasu su rubuta ya, wasu su bar shi haka.

To, kun gano izafar. Saura mayar da ita Turanci, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke faɗawa rami ɗaya: duk inda suka ji "e" sai su rubuta *of*. Turanci ba shi da maɗauri guda da ke yin dukan wannan aiki. Tambayar da za ku riƙa yi wa kanku ita ce: kalmar da ta biyo bayan izafa, mene ne aikinta?

Idan mai abu ce, musamman mutum ko dabba, Bature yakan kawo mai abun gaba ya ƙara masa *'s*. Ketab-e Ali ya zama *Ali's book*. Wanda ya rubuta *the book of Ali* za a gane shi, amma kunnen Bature zai ji baƙon abu. Idan wakilin suna ne, sai a ɗauko kalmar mallaka: man na nufin ni, ketab-e man kuma *my book*, littafina. *Of* tana da wurinta, galibi inda abu wani ɓangare ne na wani abu marar rai: dar-e khane, ƙofar gida, *the door of the house*.

Idan kuwa sifa ce, izafar ba ta da fassara kwata-kwata, ɓacewa take yi. A nan Farisanci ya bambanta da Larabci, kuma ya ɗan saɓa da Hausa. Mu muna cewa "farin doki" da maɗauri idan sifa ta zo gaba, ko "doki fari" ba maɗauri idan ta zo baya. Bafarishe yana sa suna gaba, sifa baya, kuma dole ya ɗaure su: asb-e sefid. Bature sai ya juya su, ya ce *white horse*, ba komai a tsakani. Idan sifofin biyu ne, kowace da izafarta, kamar khane-ye bozorg-e ƙadimi, babban tsohon gida. A Turance *big old house*. Kada ku bi jerin Farisancin ido rufe, don Turanci yana da nasa tsari: girma kafin shekaru, shekaru kafin launi. Ko da Bafarishe ya fara da ƙadimi, ku dai *big old* za ku rubuta.

Wani lokaci kalma ta biyu suna ce, amma irin abun take faɗa ko abin da aka yi shi da shi. Ab-e porteƙal ruwan lemo ne, angoshtar-e tala zoben zinariya. Bature kan jera sunaye biyu kawai, na biyun Farisanci ya koma gaba: *orange juice*, *gold ring*. Lura da cewa Hausa ta bi Farisanci sak a nan, ruwan lemo, zoben zinariya. Saboda haka dabara mai amfani ita ce ku fara mayar da maganar Hausa a zuci. Da zarar ta zauna a Hausa, kun san wa ke da me, sai ku gina Turancin.

Bari mu gwada da doguwar sarƙa, irin wadda ke tsorata mai koyo:

dar-e bozorg-e khane-ye ƙadimi-ye pedar-e Maryam

Kalmomi shida, izafa biyar. Fara da ware sunaye daga sifofi. Sunayen su ne dar, ƙofa, khane, gida, pedar, uba, da Maryam. Sifofin su ne bozorg da ƙadimi. Ƙa'idar ita ce sifa tana bin sunan da ke gabanta kai tsaye, kuma tana shiga tsakaninsa da mai shi. Don haka bozorg ta ƙofa ce, ƙadimi ta gida ce. Yanzu sarƙar ta rabu gida huɗu: babbar ƙofa, tsohon gida, uba, Maryam. A Hausance, babbar ƙofar tsohon gidan baban Maryam.

Wanda ya saka *of* a ko'ina zai samu *the big door of the old house of the father of Maryam*. Ba kuskuren nahawu ba ne, amma ba mai magana haka. Wanda ya zuba *'s* a ko'ina zai samu *Maryam's father's old house's big door*, wadda ita ma tana sarƙe harshe. A ganina mafita ita ce a gauraya. Ku faro daga wutsiya inda mutane suke, ku ba su *'s*: *Maryam's father's old house*. Sannan ku dawo kan kalmar farko, wadda ita ce ainihin abin da ake magana a kai, ku haɗa ta da *of*: *the big door of Maryam's father's old house*. Ku duba kuma cewa mun ƙara *the*. Farisanci ba shi da kalma irin wannan, mai fassara ne zai sa ta inda Turanci ke bukata, ya kuma bar ta gaban *Maryam's*, inda ba a sa ta.

Matsar da sifa ɗaya yana canza komai. Dar-e bozorg-e khane babbar ƙofar gida ce, *the big door of the house*. Dar-e khane-ye bozorg kuwa ƙofar babban gida ce, *the door of the big house*. Idan fassararku ta ba ƙofa girman da na gida ne, ku koma ku duba wurin da sifar ta zauna.

Sunaye suna da tasu al'ada. A baki, mutanen Iran kan sa izafa tsakanin sunan mutum da na danginsu, da kuma bayan kalmar girmamawa. Za ku ji Mohammad-e Mosaddeƙ, firaministan da aka hamɓarar a 1953, amma a Turance ba a rubuta "e" ɗin. Aƙa-ye da khanom-e kafin sunan dangi suna zama *Mr* da *Mrs* ko *Ms*. A sunayen wurare da hukumomi kuma, abin da duniya ta saba da shi ake bi. Daneshgah-e Tehran, jami'ar da aka kafa a 1934, ita ce *University of Tehran*. Jomhuri-ye Eslami-ye Iran tana da izafa biyu, ta farko ta sifa ce ta ɓace, ta biyu ta zama *of*: *Islamic Republic of Iran*. Takht-e Jamshid kuwa, kufan tsohon birnin nan kusa da Shiraz, ma'anarsa gadon sarautar Jamshid, amma Bature *Persepolis* ya sani.

Ku yi hattara da kalmomin da suka riga suka manne suka zama abu ɗaya. Tokhm-e morgh ƙwai ne, *egg* kawai. Pedar-e bozorg da izafa babban uba ne, amma pedarbozorg ba izafa kaka ne namiji, *grandfather*. Haka ru-ye miz da zir-e miz, a kan tebur da ƙarƙashin tebur, *on the table* da *under the table* ne.

Sai wuraren da ba a sa ta, don kada ku ƙirƙiro ta wajen karatu. Ba izafa bayan lamba: se ketab, littafi uku. Babu bayan "wannan": in ketab. Babu bayan sifar fifiko idan ta zo gaban suna tilo: bozorgtarin shahr, birni mafi girma. Kuma ketab bozorg ast cikakkiyar jimla ce, littafin babba ne, *the book is big*, saɓanin ketab-e bozorg, babban littafi.

Aikin gida. Ga sababbin kalmomi: mashin mota, ƙermez ja, baradar ɗan'uwa namiji, kucek ƙarami, shahr birni, mo'allem malami. Ku mayar da waɗannan Hausa tukuna, sannan Turanci: mashin-e ƙermez-e baradar-e man, mashin-e baradar-e kucek-e man, ketab-e mo'allem-e Maryam, shahr-e Tehran. Ta farko mun yi muku: jar motar ɗan'uwana, *my brother's red car*. A ta biyu ku lura da wanda kucek ke sifantawa, motar ko ɗan'uwan. Ku zo da amsoshinku a rubuce a darasi na gaba.