Kurakuran da aka fi yi wajen duba rahoton kuɗin tallafi

Mai duba rahoton kashe kuɗin tallafi takardu uku yake buƙata a gabansa: kasafin da mai ba da tallafi ya sa wa hannu, littafin kashe-kashen ƙungiya, da takardar bayanin asusu daga banki. Yawancin kurakurai suna faruwa ne don an duba biyu an bar ta ukun.

A ce wata ƙungiya a garin Marwa na Kamaru ta sami tallafin Yuro 20,000, an turo mata rabi. Tunda Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, kuma wannan farashin ba ya motsi, kason farko ya kama sefa 6,559,570. Rahoto ya ce an kashe 5,200,000, wato ya kamata a sami ragowar 1,359,570. Amma banki ya nuna 1,579,570. Akwai rarar 220,000.

Kuskuren farko shi ne a yi murna da wannan rarar, ko a buɗe mata layin "sauran abubuwa" don lissafi ya rufe. Bambanci irin wannan sau da yawa abu biyu ne suka haɗu, ɗaya yana ɓoye ɗaya. Sai a ɗauki takardar banki a bi ta layi-layi, ana sa alama a kan duk abin da ya fito a littafi ma. A nan za a tarar da cekin 250,000 da aka ba mai kayan rubutu a ƙarshen wata, an rubuta shi a littafi amma bai kai shi banki ba tukuna. Sannan ga 18,000 da aka cire lokacin shigowar kuɗin daga waje, da 12,000 na kula da asusu, babu wanda ya rubuta su. A cire 30,000 daga 250,000, ga 220,000 ɗin nan. Cekin a jera shi cikin waɗanda ba a karɓa ba, a tabbatar ya fita a wata mai zuwa. Cajin banki kuwa a shigar da shi littafi, a kan layin da yarjejeniya ta yarda.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin yana nan ko bayan banki da littafi sun daidaita. An ciri tsabar kuɗi 900,000 an ba jami'in da zai gudanar da horo a Mokolo, akanta ya rubuta su duka a layin horo tun ranar da aka cire. Banki zai yarda da wannan, tunda kuɗin sun fita. Amma fitar kuɗi daga banki ba kashewa ba ce. Kuɗi ne a hannun jami'i har sai ya kawo shaida. Idan aka tara rasidan abinci da hayar ɗaki da takardar da mahalarta suka sa hannu sun karɓi kuɗin mota, aka sami 740,000, to 740,000 ne za su shiga layin horo. Sauran 160,000 ko dai ya dawo da su, ko su tsaya a matsayin bashi a kansa. Alamar wannan kuskuren ba ta da wuyar gani: adadi dunƙulalle, mai sifili da yawa, a layin da ya kamata ya ƙunshi ƙananan rasidai masu yawa. Haka ake bi da kuɗin da aka tura wa jami'i ta Orange Money ko MTN MoMo, saƙon turawa ba rasidin sayayya ba ne.

Bayan gyara, abin da aka kashe ya koma 5,070,000, ragowa 1,489,570. A gwada: 1,579,570 na banki, a cire ceki 250,000, a ƙara 160,000 na hannun jami'i. Ya fito daidai.

Sai layukan kasafi. An amince da 600,000 na sufuri, an kashe 690,000, kuskuren a nan shi ne a lallaɓa a tura rarar 90,000 ɗin zuwa layin horo don akwai sarari a can. Jimilla ba ta canja ba, amma rasidin mai a ƙarƙashin horo zai tona asiri, kuma mai bincike zai iya ƙin karɓar kuɗin ya ce ƙungiya ta biya. Ƙarin ya kai kashi 15 cikin 100. Masu tallafi da dama suna barin ƙari har kashi 10 ba tare da izini ba, amma yarjejeniyarku ce ke da magana. A bar adadin a inda yake, a rubuta dalili, a nemi amincewa a rubuce. A kuma tabbatar kasafin da ake kwatantawa da shi shi ne na ƙarshe da aka sa wa hannu, ba daftarin da aka fara aikawa ba.

Kafin a aika, a danna gidan jimilla a Excel a karanta abin da ke ciki. Idan an ƙara layi na 19 daga baya, `=SOMME(D5:D18)` na Excel ɗin Faransanci zai iya barin sa a waje ba tare da wani gargaɗi ba. A tara layukan da kalkuleta sau ɗaya a ga ko sun zo ɗaya da jimillar.