Yadda ake tsara roƙon gudummawar ajin makaranta a cikin minti ɗaya

A unguwarmu a Tahoua akwai aji ɗaya da iyaye suka ta da bangonsa da bulon siminti, rufi ya gagara, yaran suna nan cikin rumfar zana. Ni aka ɗora wa rubuta maganar da za a karanta bayan sallar Juma'a, a kuma tura ta murya ta WhatsApp ga 'yan ci-raninmu na Abijan da Libiya.

Kafin ka rubuta komai, ka je wurin magini ya ba ka lissafi a takarda: kwano nawa, katako nawa, ƙusa, kuɗin aiki. Namu ya kama jika 900. Sai ka zauna da ma'ajin kwamitin makaranta ku ƙirga abin da ke hannu. Mun tarar da jika 350, saura 550. Wannan sauran shi kaɗai za ka roƙa.

Ka kula da yadda kake faɗin kuɗi. Idan ka rubuta 5,000, wani zai karanta jika biyar, wani tsoho kuma ya ɗauka dala ce, wato jika 25, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ka yi magana da jika daga farko har ƙarshe.

Ga abin da muka karanta:

"Salamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa. Yaranmu na ajin farko suna karatu a rumfar zana. Mun gina bango, saura rufi. Aikin jika 900 ne, mun tara 350, muna neman 550 kafin a koma makaranta a watan Oktoba. Jika ɗaya ma muna so. Ma'ajin kwamiti ke karɓa, gaban liman, zai ba ka rasit. Kowace Juma'a za mu faɗi abin da ya shigo. In bai cika ba, za mu sayi katako da kwanon da ya samu, mu gaya muku. Allah ya saka da alheri."

Wani cikinmu ya so a sa labarin gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta watan Afrilun 2021, inda yara suka rasu cikin azuzuwan zana. Gaskiya ce, amma na ce a bari. Kowa ya san zana da wuta, kuma ban ga kyan a ɗauki makokin wasu a nemi kuɗi da shi ba.

Karanta wa mutum ɗaya tukuna, ka ce ya maimaita maka nawa ake nema da wanda za a bai wa. In ya yi inda-inda, maganar ta yi tsawo, ka rage. Tamu ta farko gaisuwar manya ce ta cinye rabinta, wanda na gwada wa ya manta jika 550 ɗin gaba ɗaya.