Yadda ake ɗibar jinin kalca ba tare da ƙwayoyin fata sun shiga kwalba ba

Duk shekara in sabbin ɗalibai suka shigo wod abu ɗaya nike gani wajen ɗibar jinin kalca, wato jinin da ake kaiwa leb a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro a cikinshi: mutum ya goge hannun majinyaci da sifirit, kafin ya bushe ya soka allura, ko kuma ya goge tsaf sannan ya sake kai yatsa yana laluben jijiya. To wallahi wannan yatsan shi ke ɓata aikin gaba ɗaya, shi ya sa zan tsaya a kai.

Ka fara da kwalaben tun kafin ka taɓa majinyaci. Ka ɓalle murfin, robar da ke ƙasa ba tsabtatacciya ba ce, ka goge ta da sifirit mai kashi 70 ka aje ta bushe. Kuma a ɗibi jinin kafin a sa antibayotik, don in magani ya riga ya shiga jiki ƙwayar na iya ƙin fitowa.

Sai fata. Ka ɗaure hannu ka lalubi jijiya iya son ranka, yanzu ne kaɗai kake da damar taɓawa. A zafin Sakkwato irin na watan Afrilu majinyaci zai zo maka jiƙe da zufa, lokacin hunturu kuma ƙura ce, saboda haka ni sai na sa an wanke wurin da ruwa da sabulu tukun. Sannan ka sa kulohesidin kashi 2 da ke cikin sifirit, ka dirza gaba da baya na daƙiƙa 30, dirzawa sosai ba shafawa ba, ka bar shi daƙiƙa 30 ya bushe da kanshi. Kar ka hura, kar ka yi fifita, kar ka share da auduga. In ayodin kuke da shi don ya fi araha ba laifi, amma shi sai ka jira kusan minti 2, kuma nan ne mutane ke gazawa saboda layi ya yi tsawo. Maganin yana buƙatar wannan lokacin ne ya kashe ƙwayoyin. In jijiya ta ɓace maka dole sai ka sake taɓawa, to ka koma ka goge daga farko. Kuma don Allah kar ka zuƙa daga kanular da ke hannu tun jiya.

Ga dalilin da na nace. Akwai wani dattijo da aka kwantar da zazzaɓi, aka ɗibi seti 2, kwalba 4 ke nan, don kowane seti kwalba biyu ne, mai iska da marar iska. Sai a rana ta uku kwalba ɗaya tak ta nuna tsiro, sakamako ya fito da Staphylococcus epidermidis, ƙwayar da ke zaune bisa fatar kowa. Baba ba shi da bawul ɗin roba a zuciya, ba shi da layin babbar jijiya, zazzaɓin ma ya sauka da maganin maleriya, amma aka riƙe shi ana mashi allurai masu tsada, 'ya'yanshi na ta neman kuɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar nan. Da ƙwayar na cikin jini da gaske, galibi za ta fito da wuri, cikin kwana ɗaya haka, kuma a duka seti biyun da aka ɗiba a hannuwa dabam. Amma in ka ga Staphylococcus aureus ko Salmonella Typhi ko Candida, ko a kwalba ɗaya ce kar ka ce datti ne, maza ka kira likita.

Shi ya sa seti ɗaya bai wadatarwa, ba ka da abin kwatantawa. Na san kwalba da tsada kuma 'yan uwan majinyaci ke saye, amma sakamakon ƙarya ya fi ta cin kuɗi.

Batun yawan jini, babba mil 8 zuwa 10 a kowace kwalba, wato mil 16 zuwa 20 a seti. Ƙwayoyin da ke jinin babba kaɗan ne, wani lokaci ba su kai ɗaya a mil guda ba, in ka zuba mil 2 sai a ce babu komi alhali akwai. Ni nakan ja layi da biro a jikin kwalba kafin in fara, don kwalbar na zuƙa da kanta tana iya wuce ƙima. Yara kwalbarsu dabam, ana bin nauyinsu, jariri ana son aƙalla mil 1.

Kwalbar kalca ita ce farko kafin sauran tub. In da sirinji ka ɗiba fara da marar iska, in da allurar malam-buɗe-littafi ce fara da mai iska. Ka juya a hankali, ka rubuta suna da lokaci da hannun da ka ɗiba, a kai leb cikin awa 2, kuma kar a sa a firij.