Yadda ake neman ganawa ta imel ba tare da an yi ta kai-komo ba

Na taɓa rubuta wa wani manajan banki a Katsina imel a madadin ƙungiyarmu ta masu matsar man gyaɗa a Daura. Na zuba gaisuwa, na rufe da "muna son ganinka duk lokacin da ka samu sarari." Mako biyu shiru kamar an shuka dusa. Laifina ne, domin na bar masa aikin zaɓen rana da na lalubo abin da ke tafe da mu. Imel ɗin da ake amsawa da wuri shi ne wanda za a iya amsa shi da kalma ɗaya.

Da farko, tun kafin ka taɓa waya, ka tsayar da abin da kake so a yanke a zaman. "Tattaunawa kan rance" ba ajanda ba ce. "Mu san takardun da suka rage da ranar da za a zo duba injinmu," wannan ita ce ajanda. Batu biyu ko uku sun isa zaman minti 30, kuma wanda ya fi nauyi shi za ka sa a gaba, don idan aka kira mutumin ya tashi a tsakiyar magana, ka riga ka sami abin da ya kawo ka.

Sai lokaci, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Ka ba da zaɓi uku a ranaku daban-daban, na farkon ya kasance aƙalla kwana uku ko huɗu bayan ranar da ka aika. Kowanne ya zo da sunan rana, kwanan wata da ƙarfe nawa. Kada ka rubuta "jibi", don ba ka san ranar da zai buɗe saƙon ba. "Bayan Azahar" ma a baki take da daɗi. A rubuce wani zai ɗauka ƙarfe 2, wani ƙarfe 3 da rabi. Ka kauce wa Juma'a da rana, Litinin da safe kuma galibi ofisoshi na cikin nasu taron. Ka lissafa hanya: daga Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, ga jiran mota ta cika a tasha, saboda haka kada ka yi alkawarin ƙarfe 8 na safe. Sannan ka duba kalanda sau biyu. Idan ka rubuta Talata 15 alhali 15 Laraba ce, ka jawo wani zagayen tambaya.

A gurbin Subject ka faɗi buƙatar a taƙaice: "Neman ganawar minti 30 kan rancen injin matsar gyaɗa". Ga yadda cikin zai kasance:

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan ana lafiya, ya aiki?

Ni ne sakataren ƙungiyar masu matsar man gyaɗa da ta miƙa takardar neman rance a watan jiya. Muna roƙon ganawar minti 30 a ofishinka, ni da ma'ajinmu, kan abu biyu:

1. Takardun da suka rage mu kawo (minti 20)
2. Ranar da za a zo Daura duba wurin aikinmu (minti 10)

Ko ɗaya daga cikin waɗannan zai yi?

A. Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe
B. Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 12:00 na rana
C. Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 10:30 na safe

Idan duk ba su dace ba, a faɗa mana wanda ya fi sauƙi, za mu zo. Na haɗo kwafin takardar rajistarmu. Mun gode, Allah ya ƙara girma.

A ƙasa sai sunanka, muƙaminka da lambar waya. Wasu na ganin yanka wa babba lokaci rashin ladabi ne. Ni ban ga haka ba, muddin jimlar "idan duk ba su dace ba" tana nan. Idan yana da sakatare, sa shi a Cc, don sau da yawa kalandar a hannunsa take. Takardun da za ka haɗa kuma kada su wuce 25 MB idan Gmail kake amfani da shi.

Da ka aika, ka riƙe lokutan nan uku, kada ka ba wa wani. Idan kwana biyu na aiki suka wuce ba amsa, danna Reply a kan saƙon farko ka yi tuni da layi biyu, ko ka tura gajeren tes cewa akwai imel na jira. In Talatar ta riga ta wuce, cire ta ka sa sabuwar rana. Idan ya amsa da "B", ka maimaita masa a cike: "Mun gode, ranka ya daɗe. Sai Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 12:00 na rana a ofishinka, in sha Allah."